Littafin Bashi Ya Fi Ido Sanin Babban Kwastoma

Da misalin ƙarfe goma na safe, mai shiga kasuwar Singa a Kano sai ya bi a hankali. Tirela na sauke buhunan sukari, 'yan dako na ratsa lungu da kwalayen taliya a ka, masu kura na neman hanya, a daidaita sahu kuma ta tsaya ana cusa mata jarkokin man girki. A ƙofar wani sito, maigida na zaune a kan benci, waya ɗaya a kunne, ɗaya na ruri a kan cinya. Mutum huɗu na tsaye suna jiran a rubuta musu rasit. Ɗaya ya zo ɗaukar buhu ɗari na fulawa, ɗaya kwali biyu na madara kawai ya kawo shi, kuma shi ne ya fi daɗewa yana tayi.

Duk ɗan sarin kayan masarufi ya san wannan yanayi. Kaya kan samu, masu saye ma suna nan, amma lokaci da ma'aikata ba sa yalwata. Yaran da ke zagayawa kantuna don karɓo oda ba su wuce biyu ko uku ba, mai ya yi tsada, rana kuma ba ta jira. Tambayar da ke gaban maigida kullum ita ce: a cikin mutum ɗari biyu da ke cikin littafinsa, wa za a je wa har shago, wa za a kira a waya, wa kuma za a bari ya zo da ƙafarsa?

Yawancin diloli na amsa wannan tambaya da ido da sabo. Wanda ya fi yawan zuwa, ko ya fi iya gaisuwa, ko ya fi ƙorafi, shi ke cinye lokaci. Amma akwai hanyar da ta fi wannan tsari, kuma ba ta buƙatar komai sai rasit, biro da haƙurin yini biyu: a kasa abokan ciniki rukuni-rukuni bisa yawan abin da suke saya.

Dabarar ta daɗe. A ƙarshen ƙarni na 19, masanin tattalin arziki ɗan Italiya Vilfredo Pareto ya lura cewa mafi yawan dukiya na taruwa a hannun mutane ƙalilan. Daga baya Joseph Juran, masanin ingancin kayan masana'antu a Amurka, ya ɗauki wannan tunani ya kai shi cikin kamfanoni, ya kuma laƙaba masa sunan Pareto. Shi ne abin da ake kira ƙa'idar 80 da 20, wato kashi 80 cikin ɗari na sakamako kan fito daga kashi 20 na sanadi. A 1951 wani ma'aikacin kamfanin General Electric mai suna H. Ford Dickie ya bayyana yadda za a kasa kayan sito gida uku, A da B da C, don a fi sa ido kan masu tsada. 'Yan kasuwa suka aro wannan kasafi suka ɗora shi kan kwastomomi. Lambobin 80 da 20 ba wahayi ba ne. A wani shagon 70 da 15 za a gani, a wani 60 da 10. Abin da ba ya sauyawa shi ne ciniki ba ya rabuwa daidai wa daida.

Aikin farko: tattara suna

Kafin a kasa kowa, sai an san waye waye, kuma a nan mafi yawan masu gwada dabarar ke tuntuɓe. A littafin ɗan sari, mutum ɗaya kan fito da suna uku: yau an rubuta sunansa, gobe sunan kantinsa, jibi sunan direban da ya aiko. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da taransifa ta zama ruwan dare, abin ya ƙara cakuɗewa, domin kuɗin kan shigo daga asusun ƙane ko na mai POS na bakin layi. Idan ba a haɗe waɗannan sunaye ba, babban kwastoma zai watse ya zama ƙanana uku, a jefa shi rukunin da ba nasa ba. Magani mafi sauƙi shi ne lambar waya: kowane mai saye a ba shi layi ɗaya a littafi, da lambarsa, duk rasit ɗinsa a kai can.

Akwai kuma akasin haka. Direban da ke zuwa daga wani gari da takardun oda na masu kanti goma zai bayyana a littafi kamar hamshaƙin mai saye guda ɗaya, alhali ɗan aike ne. Ya cancanci kulawa, domin shi ke zaɓar shagon da za a tsaya, amma kulawar da yake so daban ce: a ɗora masa kaya da wuri ya kama hanya kafin la'asar, kuma a ware kayan kowa da rasit ɗinsa.

Sai a zaɓi tsawon lokacin da za a auna. Wata ɗaya ya yi kaɗan. Wata uku shi ne mafi ƙaranci, shekara cikakkiya ta fi, saboda azumi. Mai ɗan kanti da ya kwashi sukari da madara da man girki gabanin watan Ramadan zai yi kama da babban attajiri idan watan kaɗai aka duba, bayan Sallah kuma ya koma yadda yake. Haka mai dafa wa makarantar kwana abinci, wanda ke ɓacewa duk lokacin hutu.

Wanda ke da kwamfuta ko babbar waya zai iya barin Excel ya yi masa tarawar. Idan sunayen masu saye na ginshiƙin A, kuɗin kowane rasit na ginshiƙin C, aka kuma jera kowane suna sau ɗaya a ginshiƙin E, wannan layi zai ba da jimillar cinikin mutum na farko, sai a ja shi ƙasa:

```
=SUMIF(A:A,E2,C:C)
```

Wanda ba shi da ita, littafi mai layi da kalkuleta sun wadatar. Daga nan a jera mutane daga mafi yawan saye zuwa mafi ƙanƙanta, a riƙa tara kuɗin daga sama zuwa ƙasa, ana duba kashi nawa na dukkan ciniki aka kai a kowane layi.

Misali da lambobi

A ɗauki wani dila, a matsayin misali kawai, mai abokan ciniki 200, wanda ya sayar da kayan naira miliyan 300 a wata uku. Da ya jera su, sai ya ga mutum 20 na sama sun sayi kayan miliyan 186, wato kashi 62 cikin ɗari. Mutum 50 da ke biye sun sayi na miliyan 81, kashi 27. Ragowar 130 gaba ɗayansu miliyan 33 suka kawo, kashi 11 kacal.

A ina aka ja layi tsakanin rukunan? Ba a tilasta wa lissafi ya faɗa kan 80. Ana neman inda jerin ya yi tsalle da kansa. A wannan misali mutum na 20 ya sayi kayan miliyan 4.2, na 21 kuma miliyan 2.9, don haka gaɓar a fili take. Sharaɗi na biyu ya fi wannan muhimmanci: rukunin farko kada ya fi yawan mutanen da maigida zai iya sanin halin kowannensu da ka. Idan rukunin A ya kai mutum 60, to ba a ware kowa ba.

Idan aka raba da wata, ɗan rukunin A na sayen kayan kusan miliyan 3.1, ɗan B na naira 540,000, ɗan C kuma kusan naira 85,000.

Yanzu a duba ɗaya ɓangaren, wato ƙarfin da ke hannun dila. Yana da yara biyu masu babur. Kowannensu na iya shiga kanti 8 a yini idan za a zauna a duba kanta, a rubuta oda, a karɓi kuɗi. Kwana biyar a mako suke fita, don haka a mako huɗu ziyara 320 ce gaba ɗaya. Wannan lamba ita ce jarin da ake rabawa, kuma yawancin diloli ba su taɓa ƙirga ta ba. A da, yaran na bin unguwa-unguwa ne, duk kantin da ke kan hanya a tsaya. Da irin wannan rabo na bai-ɗaya, 'yan rukunin C na cinye ziyara 208 daga cikin 320, kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin shago, a kan kashi 11 na ciniki. Mutum 20 da ke riƙe da gidan kuwa ziyara 32 suke samu a tsakaninsu.

Kowace ziyara kuɗi ce. A ce albashin yaro da man babur da gyara da katin waya sun kama naira 160,000 a wata. Ziyara 160 yake yi, ke nan kowace ɗaya ta tashi a naira 1,000. Ribar sarin kayan masarufi siririya ce, a ɗauka kashi 3 cikin ɗari a wannan misali. Ɗan rukunin C na kawo ribar kusan naira 2,550 a wata, zuwa wurinsa kuma na cin kusan 1,600. Ɗan B na kawo 16,200. Ɗan A na kawo 93,000. Duk wanda ya kalli waɗannan lambobi uku zai gane cewa rasa mutum ɗaya na sama daidai yake da rasa fiye da 35 na ƙasa.

Sabon rabon ya zama haka. 'Yan A ana zuwa musu kowane mako, ziyara 80 ke nan, kuma maigida da kansa yana kiran kowannensu, musamman ranar da ya ji kamfani zai sauya farashi. 'Yan B duk mako biyu, ziyara 100. Daga cikin C an zaɓi mutum 30 da ake kyautata zaton za su girma, ana zuwa musu sau biyu a wata, ziyara 60. Saura 80 aka ajiye don neman sababbin kantuna, bin bashi, da abin da ka iya tasowa. Sauran mutum 100 ba a yar da su ba: ana tura musu farashin mako ta WhatsApp, yaron da ke zaune a shago na kiran su rana ɗaya tsayayya, mota na bin unguwarsu sau ɗaya a mako, kuma an sa mafi ƙarancin odar da za a kai kyauta. Wanda odarsa ba ta kai ba, ya haɗa da maƙwabcinsa ko ya zo ya ɗauka.

Ba girin-girin ba

Da a nan zancen ya tsaya, da an yaudari mai karatu. Yawan saye na nuna wa dila inda zai fara dubawa, amma ba ya gaya masa inda ribarsa take. Wannan darasi wani kamfanin Sweden mai suna Kanthal, mai ƙera wayoyin ɗumama, ya koye shi a shekarun 1980, kuma Robert Kaplan na jami'ar Harvard ya rubuta labarin. Da kamfanin ya ƙididdige abin da yake kashewa kan hidimar kowane mai saye, sai ya gano kashi 20 cikin ɗari na kwastomomi na kawo kashi 225 na ribarsa, kashi 70 ba riba ba faɗuwa, kashi 10 kuma na cinye kashi 125. Abin da ya fi girgiza shugabanninsa shi ne waɗanda suka fi jawo asara na cikin manyan masu saye. Ƙaramin kwastoma ba shi da ƙarfin da zai ja wa kamfani babbar asara. Babba ne ke iya matsa lamba a rage masa farashi, a kai masa kaya kaɗan-kaɗan, a jira shi biya.

Duk ɗan Singa zai gane wannan mutum, ko da bai taɓa jin sunan Kanthal ba. A koma ga misalin dilan nan. Na ɗaya a jerinsa na ɗaukar kayan miliyan 8 a wata, kusan duk sukari ne. Sukari kaya ne da kowa ya san farashinsa: buhu mai kilo 50 na Dangote ko BUA, mai saye kan tambayi shago uku kafin ya tsaya. Bayan ragin da aka saba yi masa, ribar da ke saura kashi 1.5 ce, wato naira 120,000. Sau huɗu ake kai masa kaya, dila ke biyan mota da dako, naira 20,000 kowace tafiya. Saura 40,000. Sannan ba ya biya sai bayan kwana 30, ma'ana miliyan 8 na jarin dila na kwance a kantin wani a kowane lokaci.

A rukunin B kuwa akwai wata mai gidan abinci da ke sayen kayan naira 600,000 a wata: man girki, tumatirin gwangwani, magi, taliya, kayan da ribarsu ta kai kashi 5. Ribarta 30,000 ce. Tana biya nan take, a daidaita sahunta ke ɗauka. Cinikinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na na mai sukari ba, amma abin da take bari a aljihu ya kai kashi uku cikin huɗu na nasa, kuma ba ta riƙe ko sisi na jari ba.

Maganar jari ce ta fi zafi. Dila da ke juya kuɗinsa sau biyu a wata da ribar kashi 3, miliyan 8 ɗin nan za ta iya kawo masa har naira 480,000, muddin akwai masu sayen kayan da zai saro da ita. Ko da rabin haka ne, ya ninka 40,000 sau shida. A lokacin hauhawar farashi abin ya fi muni, domin kuɗin da aka biya bayan wata ɗaya ba zai sake sayo adadin buhunan da aka bayar ba.

Wannan ba ya nufin a kori mai sukari. Sau da yawa irinsa ne ke sa dila ya cika adadin da kamfani ke buƙata kafin ya ba shi farashin manyan diloli ko ladan ƙarshen zango, kuma wannan riba ce da ba ta fitowa a rasit ɗinsa. Abin da lissafin ke nunawa shi ne me ziyarar mako-mako za ta yi. Ba ƙarin sukari za a je tallata masa ba. Za a je a zauna ne a kan kwanakin biya, daga 30 zuwa 14; a haɗe tafiya huɗu ta zama biyu; a sa shi ya fara ɗaukar madara da man girki da yake saya a wani wuri. Saboda haka gefen kowane suna a rukunin A da B ya kamata a ƙara abu biyu: ribar da ta rage bayan ragi da dako, da kwanakin da yake ɗauka kafin ya biya. Ga mutum 70 aikin yini guda ne. Ga 'yan C ba sai an wahala ba, tunda yawancinsu hannu da hannu suke ciniki.

Ƙaramin da ba ƙarami ba

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa. Littafin dila na nuna abin da mutum ya saya a wurinsa ne kawai, ba abin da yake saya gaba ɗaya ba. Mai gidan burodi da ke ɗaukar yis da bota na naira 100,000 a wata zai zauna a rukunin C, alhali yana kwaɓa buhu goma na fulawa kullum, daga wani shagon yake ɗauko su. Wannan babban kwastoma ne na wani, ɗan leƙe ne kawai a nan. Yadda ake gane shi ba a littafi ba ne, sai an je. Yaro mai lura zai ƙirga buhunan da aka zazzage aka jingine a bango, ya duba yawan ma'aikata da baburan da ke jiran ɗaukar burodi, ya ga tambarin shagon da ke jikin rasit ɗin da aka soke a ƙusa. A kanti kuma zai duba kanta: kwali nawa ne namu, nawa ne na wasu? Da irin wannan lura aka zaɓo mutum 30 ɗin nan daga rukunin C, ba da ƙuri'a ba.

A nan ne marubucin wannan shafi ke ganin yawancin masu koyar da dabarar sun gaza. Sukan ce a zuba ƙarfi kan rukunin A, shi ke nan. Amma mutumin da ya riga yana sayen kashi 90 na kayansa a wurinka, ko kullum ka je ba abin da zai ƙaru. Ziyararsa ta tsaro ce, don kada wani ya ɗauke shi. Ƙaruwa na wurin masu babban shago da ƙaramin rasit, kuma galibinsu a rukunin B da saman C suke. Dila mai hankali na raba ziyara gida biyu a ransa: ta riƙo da ta nema.

Abubuwan da ke ɓata lissafi

Naira kanta na iya ruɗar mai lissafi. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni na shekarar, hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Dilan da ya kafa doka cewa duk mai sayen kayan miliyan ɗaya a wata ɗan rukunin A ne, zai wayi gari ya ga rukunin ya cika da mutanen da ba su ƙara ko kwali ɗaya ba. Mafi haɗari ma, wanda kuɗin cinikinsa bai sauya ba tsawon shekara, a haƙiƙa ya rage saye sosai, littafi kuma bai nuna ba. Don haka a riƙa kasafi da matsayi a jeri da kason mutum cikin jimilla, kuma ga manyan kaya irin su sukari, fulawa da shinkafa a ƙirga buhu, ba naira ba.

Sai yadda ake biyan yara. Idan kamashonsu na kan odar da suka rubuto, za su ruga wurin manya su tura kaya bashi, domin nan ne lambar ke kumbura da sauri. Idan aka ɗora shi kan kuɗin da ya shigo, halinsu kan sauya cikin wata guda. Haka kuma in ba a rubuta jadawali an manna a bango ba, yaro zai koma kantin da ake ba shi wurin zama a inuwa da ruwan sanyi, ko wane rukuni mai kantin yake.

Akwai kuma haɗarin dogaro da 'yan ƙalilan. A misalin nan mutum uku na sama na riƙe da miliyan 60, kashi ɗaya cikin biyar na dukkan ciniki. Kasuwannin Kano na sayar wa 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram tun kaka da kakanni, kuma an ga yadda rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, da sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, suka tsayar da zirga-zirgar kaya. Dilan da manyan masu sayensa biyar duk hanya ɗaya suke bi, ya kamata jerin ya tsorata shi tun kafin wani abu ya faru, ya karkatar da ziyarar nema zuwa wata shiyya.

Alamar da ta fi saurin nuna matsala ba kuɗi ba ce, tazara ce. Kowane mai saye na da zangonsa: wani duk Talata, wani duk kwana goma. Idan aka rubuta ranar sayen ƙarshe a gefen suna, ƙa'ida mai sauƙi ta isa: duk ɗan A ko B da ya ninka tazararsa bai zo ba, a kira shi yau. Da wuya mai kanti ya zo ya ce ya koma wani shago. Yakan fara ne da daina ɗaukar kaya ɗaya, yau babu man girki a odarsa, mako mai zuwa babu madara, sannan ya yi shiru.

Mutunci ba ya shiga rukuni

Wani zai ce wannan tsari ya saɓa wa yadda aka san kasuwa a ƙasar Hausa, inda ciniki ke tafiya da zumunci, inda dattijon da ya yi shekara ashirin yana sayen kwali biyu ke da kujerarsa a shago. Ƙorafin na da tushe, kuma dilan da ya yi biris da shi zai yi asara. Kasuwa wuri ne da magana ke yawo. Mai tireda da aka wulaƙanta yau, gobe duk layinsu sun ji. Da yawa daga manyan 'yan kasuwar yau da faranti ko teburi suka fara, kuma ba sa manta wanda ya ba su kwalin farko bashi.

Abin da ake rabawa shi ne ƙafar yaro da man babur, ba fuska ba. Duk wanda ya shigo shago, gaisuwa ɗaya ce, mudu ɗaya ne, gaskiyar farashi ɗaya ce. Harafin rukuni na zaune a littafin maigida, ba a faɗa wa mai saye, ba a kuma barin yara su riƙa ambatonsa a gaban mutane. Sau da yawa ma ɗan rukunin C ya fi jin daɗin sabon tsarin, domin a da yaro kan zo masa ne idan ya ga dama, yanzu kuwa ya san kowace Laraba za a kira shi, kowace Alhamis mota za ta biyo.

Bayan wata uku ake sake jeri, kuma abu huɗu dilan zai duba ya san ko wahalar ta biya. Buhu da kwalin da 'yan B suka ɗauka sun ƙaru ko suna nan? Kwanakin biyan 'yan A sun ragu? Daga cikin 30 ɗin da aka zaɓo, nawa suka haura zuwa B? Daga cikin 100 da aka mayar kan waya, nawa suka daina saye? Idan mutum 10 suka ɓace daga ƙasa, ribar da ta tafi kusan naira 25,500 ce a wata, kuma mutum biyu da suka kai matsayin B sun mayar da ita har da ɗori. Idan kuwa 40 suka ɓace, to ranar kira ko mafi ƙarancin odar da aka sa ba ta dace da su ba, sai a sassauta. Wanda aka zaɓo aka yi masa ziyara shida bai motsa ba, a mayar da shi layin waya, a ba wani gurbinsa a jadawalin wata mai kamawa.